Idan Kayanka Sun Fi Tsada, Me Za Ka Rubuta wa Mai Saye?

A kasuwa, mai kaya yana da baki. Idan ka shiga Farm Centre a Kano ka tambayi kuɗin waya, aka gaya maka, ka ce ai shagon can sun yi maka ƙasa da haka, mai shago zai ɗauko wayar ya miƙa maka, ya ce, "Alhaji, riƙe ta tukuna ka duba." Zai nuna maka gilashinta, ya kunna sautinta, ya gaya maka inda ta fito. Kafin ka ce za ka tafi, ya riga ya ba ka dalili uku.

A tallar da ake sawa a Jiji, ko Facebook, ko WhatsApp, duk wannan damar babu ita. Mai saye yana kwance a ɗakinsa, yana ganin wayoyi ashirin iri ɗaya a jere, kowacce da hotonta da kuɗinta a ƙasa. Idan taka ta fi sauran da naira dubu arba'in ko hamsin, babu wanda zai kira ka ya tambayi dalili. Da ɗan yatsa zai ture ta ya wuce. Abin da ka rubuta shi kaɗai ne zai tsaya ya yi maka bayani, kuma yawancin masu talla ba sa ba shi muhimmancin da suke ba hoto.

Zan ɗauki waya ta hannu a matsayin misali, domin ita ce hajar da aka fi yawan sawa a irin waɗannan wurare, kuma ita ce wadda kusan duk abin da ka faɗa a kanta ana iya gwada shi nan take.

Da farko sai a san abin da ke cikin zuciyar mai saye. Ba ya ganin cikin wayar. Bai san ko an taɓa buɗe ta ba, ko ta taɓa faɗawa ruwa, ko ma ta sata ce. Kai ka sani, shi bai sani ba. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan wannan a 1970, da misalin kasuwar motoci na hannu. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai matsala ba, to kuɗin tsaka-tsaki kawai zai yarda ya biya a kan kowacce. Mai mota lafiyayya sai ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye, kasuwa ta rage sai masu matsala. Wannan aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Ma'anarsa ga mai talla a fili take: farashin da ka ga sauran mutane sun sa, farashi ne da aka riga aka cire kuɗin tsoro a cikinsa. Idan kana son a biya ka sama da shi, sai ka cire wa mutum tsoron.

Akwai kuma abu na biyu, wato abin da mutane ke ɗauka adalci ne a ƙarin kuɗi. A 1986 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa mutane ta wayar tarho a Kanada. An ba su labarin wani shago da ke sayar da shebur na kwashe dusar ƙanƙara a kan dala 15, washegarin da ƙanƙara ta zubo da yawa sai ya mayar da shi dala 20. Kashi 82 cikin ɗari suka ce wannan ba adalci ba ne. Amma da aka ba da labarin mai kayan miya da kuɗin sarin latas ya hau masa, shi ma ya ƙara daidai abin da aka ƙara masa, kashi 79 cikin ɗari suka ce babu laifi. Duka biyun ƙarin kuɗi ne. Bambancin shi ne, a na biyu mutane sun ga inda kuɗin ya tafi, a na farko kuwa sun ga mai shago yana cin moriyar matsuwarsu. Mai sayen waya ma haka yake. Zai iya jure tsada idan ya ga abin da ta saya masa.

Rubuta wa tazarar

Mu ƙaddara kana da iPhone 12 mai 128GB. Ka duba tallace-tallacen garinku, ka ga yawancin irinta an sa su wajen naira 310,000, kai kuma kana son 355,000. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, domin farashi yana tafiya da dala, amma hanyar lissafin ba ta canzawa. Tazarar da ke tsakaninku 45,000 ce. Mai saye ya riga ya yarda zai kashe 310,000, ya kuma riga ya san iPhone 12 tana da kyamara mai kyau. Saboda haka duk layin da ka ɓata kana yabon kyamarar, ko kana jera abin da kamfanin Apple ya sa a cikinta tun da ta fito a 2020, ka yi wa sauran masu tallar aiki ne, domin tasu ma tana da shi. Aikinka ɗaya ne: ka nuna abin da 45,000 ɗin nan za ta saya.

Kafin ka rubuta komai, buɗe tallace-tallace goma na masu irin wayarka ka karanta su da kyau. Ka lura da abin da suka faɗa, ka fi lura da abin da suka yi shiru a kai. Za ka ga da yawa ba su ambaci ƙarfin batir ba. Wasu ba su ce komai a kan gilashi ba. Kusan babu mai maganar rasit. Wuraren da suka yi shirun nan, nan ne filinka, muddin kai kana da amsa mai kyau a kansu.

Sai ka zauna da takarda ka yi lissafi na gaskiya. A ce batirin taka yana kan kashi 88, na asali, alhali wanda ya sayi mai kashi 77 sai ya nemi mai gyara nan ba da jimawa ba. Tambayi mai gyara nawa yake canza batir mai kyau a yau. A ce ya ce 25,000. Ba ka da ikon ɗora duka 25,000 ɗin a kan mai saye, domin naka ma ba sabo ba ne, amma kana da ikon cewa ba zai kashe wannan kuɗin yanzu ba. A ce kuma kana haɗawa da kan caja na asali, wanda ka saya daban, tunda iPhone 12 ba ta zo da shi a kwali ba, igiya kaɗai aka sa. Wannan ma yana da kuɗinsa a kasuwa, kowa zai iya tambaya. Sauran tazarar kuma sai ta zauna a kan abubuwan da ba su da farashi a shago amma suna da nauyi a zuciya: gilashin da ba a taɓa canzawa ba, kwali da rasit, da damar dawo da ita idan an ga matsala. Idan ka tara duka ka ga bai kai kusa da 45,000 ba, takardar ta gaya maka gaskiya tun kafin masu saye su gaya maka. Rage kuɗin.

Abin da ake iya dubawa

Ga irin tallar da aka saba gani: "iPhone 12, tsaf kamar sabuwa, ba abin da ke damunta, sai ka gani. Mai saye da gaske kawai." Babu ƙarya a ciki, wataƙila. Amma mai wayar da aka canza wa gilashi sau biyu shi ma zai iya rubuta wannan harafi da harafi, bai yi asarar komai ba. Kalmar da kowa zai iya rubutawa kyauta ba ta iya ɗaukar nauyin naira ko ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata a auna kowane layi da shi: shin mai kaya marasa kyau zai iya rubuta wannan ba tare da tsoron a kama shi ba? Idan zai iya, share shi.

Abin da ba zai iya rubutawa ba shi ne abin da mai saye zai duba da idonsa cikin minti biyu. A iPhone, lafiyar batir tana cikin Settings, sai Battery, sai Battery Health, inda aka rubuta Maximum Capacity. Apple ta ce batirin wannan samfurin an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, shi ya sa masu saye ke kallon 80 a matsayin iyaka. Rubuta lambar kamar yadda take. "Batir 88" ya fi "batir mai ƙarfi" nesa ba kusa ba, kuma kada ka mayar da 88 ta zama 90, domin abu na farko da mutum zai buɗe ke nan idan ya riƙe wayar.

Batun gyara ma yana da wurin dubawa. Tun daga iOS 15.2, idan ka shiga Settings, sai General, sai About, wayar da aka canza wa wani sashe takan nuna Parts and Service History. A iPhone 12 yana ba da labarin batir da gilashi da kyamara, ya rubuta Genuine Apple Part idan na asali aka sa, ko Unknown Part idan bai gane shi ba. Wayar da ba a taɓa canza wa komai ba, wannan sashen ba ya fitowa sam. A wannan shafin dai akwai Carrier Lock, kuma idan an rubuta No SIM restrictions, wayar za ta karɓi kowane layi ba tare da dabarar da ake yi wa wayoyin da suka zo a kulle daga waje ba. Sai lambar IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna:

```
*#06#
```

Idan lambar ta yi daidai da ta jikin kwali, kuma ga rasit da sunan shagon da aka saya, ka kawar wa mai saye da tsoro mafi girma, wato ya sayi waya yau, bayan wata biyu a bi sawunta a zo har gida a ce ta sata ce. Duk wanda ya san wani da wannan ya taɓa faruwa da shi ba zai ga dubu goma a kan rasit ta yi yawa ba. Sai dai kada ka sa lambar IMEI gaba ɗaya a talla. Nuna ƙarshenta kawai, sauran a gani ido da ido.

Ya kamata a san iyakar waɗannan shaidu. Akwai masu gyaran da ke da na'urar da ke sa tsohon batir ya nuna kashi 100, kuma masu saye da suka ga jiya suka ga yau sun san da haka. Shi ya sa lamba ita kaɗai ba ta wadatarwa. Abin da ke rufe wannan ƙofar shi ne ka rubuta cewa mai saye yana iya zuwa da nasa mai gyaran ya duba, ko ku haɗu a shagon wanda shi ya zaɓa. Mai ɓoye wani abu ba ya yin wannan tayin.

Ga yadda tallar za ta iya kasancewa:

"iPhone 12, 128GB, batir 88 na asali, ba a taɓa buɗe ta ba, da kwali da rasit. Ni na saye ta sabuwa, hannu ɗaya. Gilashi da kyamara na asali ne, ana iya dubawa a About. Face ID yana aiki, tana karɓar kowane layi, zan cire iCloud a gabanka. Akwai ƙarcewa ɗaya a kusurwar hagu ta ƙasa, tana hoto na huɗu. Ina haɗawa da kan caja na asali da igiya. Kuɗinta 355,000. Na san akwai na ƙasa da haka. Bambancin shi ne ba za ka canza batir yanzu ba, kuma ga takardunta. Zo da mai gyaranka ya duba. Idan ka ga matsalar da ban faɗa ba cikin kwana uku, dawo da ita ka karɓi kuɗinka."

Lura da layin farko. A jerin tallace-tallace, shi da hoto da farashi kaɗai ake gani kafin a danna. Idan dalilin tsadarka yana can ƙasa a layi na takwas, mutum ya ga tsadar bai ga dalilin ba, ya wuce. Saboda haka abu biyu ko uku mafi ƙarfi su hau sama, kusa da kuɗin. Hotunan ma su zama shaidar abin da aka rubuta. A ɗauki hoton wayar kanta da wata wayar, tana kunne a shafin batir, jikinta yana fitowa, domin hoton allo tsurarsa ana iya kwaso shi daga ko'ina.

Ƙarcewar da ke kusurwa

Layin da masu talla suka fi jin nauyin rubutawa shi ne na aibi. Tunaninsu shi ne, ina neman kuɗi sama da na kowa, ta yaya zan fara tona wa kayana asiri? Ni kuwa ina ganin wannan layin ne ke riƙe da sauran duka. Waya ta yi shekaru a hannun mutum, babu mai hankalin da zai yarda ba ta da ko tabo. Idan ka ce ba ta da komai, sai ya fara tunanin me kuma ka ɓoye. Idan ka nuna masa ƙarcewar da kanka, ka gaya masa kusurwar da take da hoton da zai gan ta, sai ya ɗauka mutumin da ya faɗi wannan ƙaramin abu ba zai yi masa ƙarya a kan batir ba.

Yana kuma kare farashinka ranar haɗuwa. Aibin da mai saye ya gano da kansa makamin ciniki ne: "Haba maigida, ai ba ka gaya mini wannan ba, sai ka cire ashirin." Wanda ka riga ka rubuta kuwa ya shiga cikin kuɗin tun farko, ba shi da abin cewa. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya saya ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Abin da addini ya wajabta a nan shi ne kuma abin da ke sa a yarda da farashinka.

Amma aibi iri biyu ne. Ƙarcewa a jiki ba ta hana waya aiki, faɗinta ƙarin daraja ne. Idan kuwa Face ID ya mutu, ko an canza gilashi da na kasuwa, dole ne ka faɗa, sai dai ka sani cewa wayarka ta fita daga sahun masu neman ƙari. Babu iya rubutun da zai mayar da ita.

Akwai dalilan da gaskiya ne a wajenka amma ba su da amfani ga mai saye, kuma sun cika tallace-tallace. "Na saye ta da tsada." "Kuɗin makaranta nake nema." "Dala ta tashi." Na farko tarihinka ne, shi darajar wayar a yau yake saya. Na biyu ma ya fi muni, domin ka sanar da shi cewa a matse kake, sai ya taya ƙasa ya jira ka. Batun dala kuwa yana aiki ne idan kai ɗan kasuwa ne da ya yi sari jiya kuma kowa ya san kaya sun hau, amma ba ya bayyana dalilin da taka ta fi ta maƙwabcinka, tunda dalar ɗaya ce a kanku. Haka nan zagin sauran masu talla. Da zarar ka rubuta cewa wasu 'yan damfara ne, ka tuna wa mai karatu cewa wurin nan akwai damfara, kai ma kuma bai san ka ba. Jimla ɗaya ta isa: na san akwai na ƙasa da haka, ga bambancin. Wanda kuma ya ɓoye kuɗin ya ce a biyo shi ta saƙo, ya sa mutane su zaci tsadar ta fi yadda take.

Alkawarin kwana uku yana bukatar a yi tunani kafin a rubuta shi. Shi ne layi mafi ƙarfi a tallar, domin shi kaɗai ne zai ci maka kuɗi idan ka yi ƙarya, kuma mai saye ya san haka. Amma a fayyace shi. "Matsalar da ban faɗa ba" ta bambanta da "idan ka canza ra'ayi", kuma ba ta haɗa da wayar da aka yar ta fashe ba. A ɗauki hoton wayar ranar miƙawa, a rubuta sharaɗin a saƙo kowa ya riƙe. Idan ka san za ka kashe kuɗin a ranar, ba za ka iya mayarwa ba, kada ka yi alkawarin. Gara ka ba da awa guda na gwaji a gabanka, ka cika shi.

Bayan tallar ta fita, yadda mutane suka amsa zai nuna maka inda gyara yake. Idan ana gani ba a magana, matsalar tana layin farko ko hoton farko: dalilin bai iso ido tare da kuɗin ba. Idan saƙonni suna zuwa da tambaya iri ɗaya, "An taɓa canza gilashi?" ko "Akwai kwali?", to amsar ba ta cikin tallar ko ta nutse a tsakiya, sai a ɗago ta. Idan mutane suna zuwa su duba su tafi ba ciniki, rubutun ya fi wayar kyau, kuma wannan shi ne mafi haɗari domin sunanka yake ci. Idan kuwa mutum biyar, shida, waɗanda ba su san juna ba, sun karanta komai, sun yaba, amma duk suka tsaya a 325,000, kasuwa ta yi magana: ta yarda taka ta fi, amma da dubu goma sha biyar ne a idonta. Nan sai ka zaɓa, ko ka sallama, ko ka ce albarka ka ci gaba da jira, kana sane cewa darajar waya raguwa take yi duk lokacin da sabon samfuri ya fito.

Wanda zai taya 250,000 bai karanta ko layi ɗaya ba, kada ya dame ka, kuma kada ka sake tallar saboda shi. Mai neman mafi arha yana da wayoyi goma sha tara da zai zaɓa. Kai kana rubuta wa mutumin da ya taɓa sayen mai arha ya ƙare a bencin mai gyara, ko matar da za ta saya wa mahaifiyarta kuma ba ta son a dawo mata da ƙorafi. Su kaɗan ne, amma mutum ɗaya kake bukata.

Hanyar nan tana aiki a kan wasu kayan da ba waya ba. Mai mota zai rubuta lambar jikin motar, da takardun kwastan, da ranar da aka yi juyen mai na ƙarshe. Mai ɗinki zai faɗi sunan yadin da yawan yadin da ya shiga, da kwanakin da aikin hannu ya ci. Mai gidan haya zai ambaci rijiyar burtsatse da mita ta kansa. Kowannensu yana amsa tambaya ɗaya ce, wato me ƙarin kuɗin ya saya, kuma a ina zan duba.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da tallar da ta kwana biyu ba a taya ba, buɗe ta yau ka karanta ta layi-layi. Duk layin da mai kaya marasa kyau zai iya rubutawa, cire shi, ka sa lamba, ko takarda, ko wurin dubawa a madadinsa. Idan ka gama ka ga babu abin da ya rage da zai biya tazarar, sauke farashin zuwa na sauran mutane.